Ltd ko Plc? Ka duba wutsiyar sunan kamfani kafin ka zaɓe shi a firojet

A farkon zangon nan na kai wa malamin da ke duba min firojet taken da na zaɓa: nazarin ribar wani kamfanin shinkafa da ke garinmu. Ya dubi takardar, ya ce, "Ina za ka samo lissafinsu?" Na ce ai babban kamfani ne, tireloli ba sa yankewa a ƙofarsa. Ya ce in je in karanto allon ƙofar da kyau. Da na je, sai na ga sunan ya ƙare da Ltd. Mako uku ina zarya, a ƙarshe akantansu ya ce min cikin mutunci, lissafinsu na masu kamfani ne.

Kuma gaskiyarsa. Dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, ta bambanta iri biyu. Akwai kamfani mai zaman kansa, wanda sunansa ke ƙarewa da Limited ko Ltd. Masu hannun jarinsa ba sa wuce mutum 50, ban da ma'aikatansa, kuma ba ya tallata hannun jari ga jama'a. Akwai kuma kamfanin jama'a, mai ƙarewa da Plc, wanda ke iya kiran kowa ya zo ya sayi hannun jari. To tunda kuɗin mutane ya karɓa, dole ya riƙa yi musu bayani a fili. Nan bambancin yake, girma bai shigo ciki ba.

Kalmar "jama'a" ma tana ruɗa mu. Ba na gwamnati ake nufi ba. NNPC mallakar gwamnatin tarayya ne, amma Limited ne a suna.

Mu ɗauki gida ɗaya mu gani. Dangote Cement Plc yana kasuwar hannayen jari ta Legas, NGX, tun 2010. Saboda haka duk wata uku sai ya fitar da lissafin da ba a kai ga tantancewa ba, a ƙarshen shekara kuma ya fitar da wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu. A cikin rahoton shekarar za ka ga cinikin da aka yi, ribar kafin haraji da ta bayan haraji, bashin da ke kansa, sunayen daraktoci, da manyan masu hannun jari. Kyauta za ka sauke a wayarka. Amma uwar kamfanin, Dangote Industries Limited, mai zaman kanta ce. Ba a sayar da hannun jarinta a kasuwar, don haka wancan tilas na kasuwa bai hau kanta ba. Ɗalibin da ya rubuta "Dangote" kawai a takensa, bai ma san wanne yake nufi ba tukuna.

Yadda nake yi yanzu kafin in taɓa kowane kamfani, na kan fara da rubuta cikakken sunansa a shafin bincike na hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Nan zan ga sunan da aka yi rajista da shi, da lambarsa, da ko yana raye a littafinsu. In lambar ta fara da BN, to sunan kasuwanci ne kawai, ba kamfani ba. In RC ce, sai in dubi wutsiya. Idan Plc ne, sai in leƙa jerin kamfanonin NGX. A nan a yi hattara: ba kowane Plc ne ke kasuwar ba. Waɗansu a dandalin NASD ake cinikin hannun jarinsu. Su ma suna miƙa rahoto ga hukumar SEC da masu hannun jarinsu, sai dai samo shi kan fi wuya.

Shi kuwa Ltd, ba wai ba ya lissafi ba ne. Yana kai bayanin shekara ga CAC, yana kai wa hukumar haraji, amma ba a ce ya baza wa duniya ba. In ƙarami ne, wanda cinikinsa a shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, kuma ya cika sauran sharuɗɗa, doka ta ɗauke masa ma wajabcin ɗauko mai binciken kuɗi. Ka ga ko an ba ka lissafinsa, ta yiwu ba wanda ya tantance. Bankuna ne daban: ko Ltd ne, dokar banki ta sa su buga lissafinsu.

Ni dai na koma na canza take zuwa kamfanin siminti mai Plc, rahoton shekara biyar na sauke a dare ɗaya. 'Yan ajin da ke bayanmu, kafin ku kai take ofishin malam, ku tabbata kun buɗe rahoton shekara uku na kamfanin da idonku. In bai samu ba, ku sauya kamfani, ko ku mai da aikin na tambayoyi da hira.