VPN: abin da yake ɓoyewa da wanda ba ya ɓoyewa

Ka zauna a otal, ka haɗa kwamfutarka ta cinya da intanet ɗin kyauta. Mai wurin na iya ganin sunayen shafukan da kake shiga. Nan ne VPN ke da rana.

Girka shi ba wuya. Sauke manhajar, misali Proton VPN, daga shafin kamfanin kansa. Shiga da asusunka, zaɓi ƙasa, danna Connect. Sai ka kunna Kill switch, domin in haɗin ya tsinke, intanet ya tsaya cak maimakon bayananka su fita a fili. Duba lambar IP ɗinka kafin ka kunna da kuma bayan ka kunna. In ba ta canja ba, da sauran gyara.

Daga nan mai otal ba ya ganin komai sai kulle-kullen bayanai masu tafiya wuri guda. Amma fa kamfanin VPN yanzu shi ke ganin inda kake zuwa, shi ya sa na kyauta barkatai ba su kwanta mini ba. Kuma da ka shiga Gmail, Google ya san kai ne. Shafin banki na bogi ma, in ka rubuta lambar sirrinka, VPN zai kai wa ɓarawon ita lafiya lau, a kulle.