Kafin 'Yarki Ta Roƙi Tsohon Malaminta Wasiƙar Shaida

Uwargida, idan 'yarki ta zo miki da fom ɗin jami'a ta nuna miki gurbin da aka rubuta `Referee`, abin da ake nema shi ne sunan wani babba da ya san ta a aji, wanda zai rubuta wa jami'ar abin da ya gani game da karatunta da halinta. Mafi yawan masu shiga digirin farko ta hanyar JAMB ba sa haɗuwa da wannan gurbi a lokacin cike fom, sai dai wasu jami'o'in kan nemi wasiƙar shaida ranar rajista. Inda abin ya zama dole shi ne neman digiri na biyu, wanda galibi ake neman mutum biyu ko uku, da jami'o'in ƙasashen waje, da kuma tallafin karatu. Tallafin Chevening na Birtaniya, alal misali, mutum biyu yake nema.

Wannan wasiƙa daban take da tastimoniyal ɗin da makaranta ke bai wa kowane ɗalibi idan ya gama, daban kuma take da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Waɗancan an buga su ne iri ɗaya, suna kawai ake sauyawa. Ita kuwa wannan, mutum ɗaya ne ke magana a kan yarinya ɗaya, kuma sau da yawa yarinyar ba za ta ga abin da aka rubuta ba, domin kai tsaye ake tura shi jami'a.

A birni, neman irin wannan wasiƙa bai wuce a hau adaidaita a je tsohuwar makaranta ba. A ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da garuruwa irin su Tsamaye, lamarin ya fi haka wuya. A Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke kan iyakoki. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Iyalai da yawa sun yi hijira, wasu Sakkwato, wasu sun tsallaka yankin Maraɗi. Malamai ma sun watse, an yi wa wasu sauyin wurin aiki, wasu sun canza lamba. Yarinyar da ta yi sakandare a waɗannan shekaru tana iya samun kanta da makaranta biyu, da gibin watanni a karatunta, da malamin da ya fi kowa saninta amma rabonsa da ita shekara huɗu.

To a nan ne wasiƙar roƙon take da aiki. Malamin da ya koyar da ɗaruruwan yara ba zai tuna 'yarki don ta gaishe shi da ladabi kawai ba. Idan bai tuna ta ba, kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba, sai ya rubuta layi huɗu: yarinya ce mai ladabi da biyayya, mai ƙwazo, ina ba da shawarar a ɗauke ta. Masu tantancewa sun karanta irin wannan har sun gaji. A wurin aikinmu na jinya, idan aka turo mara lafiya daga asibitin ƙauye da takardar da ta ce "ba shi da lafiya, a duba shi", kusan daidai take da babu. Wadda ke taimako ita ce mai cewa zazzaɓi kwana nawa, wane magani aka ba shi, nawa aka ba shi. Haka wasiƙar shaida take, kuma yarinyar ce za ta kai wa malamin waɗannan bayanai tun a cikin roƙonta.

Mu ɗauki misali. Yarinya 'yar Tsamaye ta fara babbar sakandare a yankinsu a 2019, aka kwashe su zuwa Sakkwato, ta gama a can a 2022. Yanzu tana neman gurbin karatun kimiyyar jinya a wata jami'a mai ba da tallafi, kuma za a rufe karɓar takardu ranar 30 ga Nuwamba. Mahaifinta na ganin a je wurin hakimi ko wani ɗan majalisa, tunda sunansu ya fi nauyi. Amma fom ɗin ya ce wanda ya koyar da ita, kuma babban suna da bai taɓa ganin littafin aikinta ba, ba shi da abin faɗa. Ɗan'uwa na jini kuwa, ko da malami ne, galibi ba a karɓar shaidarsa. Saura mutum biyu: shugabar makarantar da ta gama, wadda ke da hatimi amma da kyar ta san fuskarta, da malamin bayoloji na tsohuwar makaranta, wanda ya koyar da ita shekara ɗaya da rabi. A ganina malamin bayoloji ne na farko, domin darasinsa ne ya shafi abin da za ta karanta, kuma shi kaɗai zai iya bayyana gibin da ke cikin karatunta da bakin wanda abin ya faru a gabansa. Idan ana neman mutum biyu, shugabar ta zama ta biyu.

An samo lambarsa daga wata tsohuwar 'yar ajinsu. Ba laifi ke ko mahaifinta ku fara kira ku gaisa, ku ce yarinya za ta rubuto, wannan shi ne mutunci a wurinmu. Amma wasiƙar ita za ta rubuta da hannunta, a tsakiyar Oktoba, wato mako shida kafin a rufe. Ga yadda za ta kasance:

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan Malam yana lafiya, da iyali da aiki. Allah ya ƙara mana zaman lafiya a yankinmu.

Ni ce wance, 'yar wane na Tsamaye. Malam ya koyar da ni bayoloji a aji huɗu da farkon aji biyar, daga 2019 zuwa ƙarshen 2020. Ni ce wadda Malam ya ɗora wa kula da kayan gwaji, kuma ni na zana hoton zuciya da aka liƙa a bangon ajinmu. Bayan an kwashe mu na ƙarasa a Sakkwato a 2022, na samu B2 a bayoloji.

Ina neman gurbin karatun jinya tare da tallafi, kuma suna son shaidar malamin da ya koyar da ni. Ina roƙon Malam, idan yana ganin ya san ni sanin da zai iya yi mini kyakkyawar shaida, ya taimaka ya rubuta. Suna so su ji yadda nake a aji, da yadda na ci gaba da karatu bayan an rufe makarantarmu. Da Turanci ake rubutawa, shafi ɗaya ya isa. Jami'ar za ta aiko wa Malam saƙo ta imel, ta nan zai tura, kuma za a rufe ranar 30 ga Nuwamba. Na haɗo hoton sakamakona, da bayanin kwas ɗin, da cikakken sunana yadda yake a takardar WAEC.

Idan lokaci ko wani uzuri bai ba Malam dama ba, wallahi ba komai, sai dai ina roƙon ya sanar da ni a cikin wannan makon don in nemi wani. Allah ya saka da alheri. Ɗalibarka, wance.

Ki lura da hoton zuciya da kayan gwaji. Ba yabon kai ba ne, ƙugiya ce da malamin zai rataya tunaninsa, kuma dole su zama gaskiya. 'Ya'yanmu mata an tarbiyyantar da su a kan kada su faɗi alherin kansu, don haka wannan sakin layin ne za ta so ta goge. Ki zauna da ita ki tambaye ta: wane aiki kika taɓa yi da ya yaba? Wace rana ya kira sunanki a gaban aji? Abu biyu sun isa.

Ki lura kuma da ƙofar da ta bar masa ta cewa a'a. Shaidar da aka rubuta don kunya ta fi rashin shaida illa, tunda gurbi ɗaya ta cinye. Idan ya amsa da "to, Allah ya sa mu dace" kawai, bai tambayi komai ba, kuma mako guda ya wuce shiru, alama ce a fara neman wani.

Maganar suna ba ƙarama ba ce. A makaranta ana iya saninta da sunan gida ko laƙabi, a WAEC ta sa sunan mahaifi, a fom kuma ta ƙara Tsamaye a ƙarshe kamar yadda da yawanmu ke yi da sunan gari. Idan wasiƙar ta zo da sunan da bai yi daidai da na fom ba, tana iya rasa fayil ɗin da za ta shiga. A rubuta masa sunan harafi bayan harafi, da lambar fom idan akwai.

Sai imel, inda aka fi yin asara. Malamai da yawa suna da adireshin da wani ya buɗe musu a shagon kwamfuta shekarun baya, sun manta kalmar sirrinsa. Kafin ta sa adireshin a fom, ta tura masa ɗan saƙon gwaji, ya amsa. Bayan ta cike, ta sanar da shi a ranar, ta roƙe shi ya duba har cikin `Spam`, domin saƙon jami'a kan faɗa can. Yawancin shafukan neman gurbi suna nuna ko shaidar ta iso, don haka ta riƙa dubawa. Idan saura kwana goma ba ta iso ba, tunatarwa ɗaya cikin ladabi ta wadatar. Idan kuwa takarda ake so a hannu, ta kasance mai tambarin makarantar da yake aiki yanzu, da sa hannu, da hatimi, da kwanan wata, da lambar wayar da ke shiga, ya kuma faɗi a ciki makarantar da ya koyar da ita a da. A fara tambayar jami'ar ko tana karɓar hoton takardar, kada a ɗora yarinya a kan hanyar Isa ko Sabon Birni saboda abin da waya za ta iya kaiwa. In haɗuwar ta zama dole, a yi ta a makaranta, da rana, tare da yayanta.

Wani malamin zai ce, "Rubuto ki kawo in sa hannu." Yana nufin sauƙaƙawa ne, amma mai tantancewa yana riƙe da bayanin da yarinyar ta rubuta game da kanta, kuma idan salon ya zo iri ɗaya zai gane. Wasu jami'o'in kan soke neman gaba ɗaya a kan haka. Abin da za ta ce shi ne, "Malam, bari in turo bayanan a jere, Malam ya rubuta da kalmominsa." Kuɗi kuma ba a biyan shaida da su. Kuɗin data ko na buga takarda, wannan ɗawainiya ce da ku kuka jawo masa, ku ɗauke ta. Ranar da sakamako ya fito, ko an samu ko ba a samu ba, ta kira shi ta faɗa masa, ta kuma adana lambarsa a littafi ban da waya, domin idan ta zo neman wani tallafin baɗi, shi za ta sake nema.