Fitsarin Kwance: A Nemo Sanadi Kafin a Ɗauko Bulala

A gidaje da yawa, yaron da ya kai shekarun makaranta yana jiƙa shimfiɗa yakan wayi gari da duka, ko a ɗora masa tabarmar a ka yara su bi shi suna tsokana. Iyaye suna yin haka ne da tunanin lalaci ne ke hana shi tashi. Amma fitsarin kwance yana zuwa ne yaro na cikin barci, bai san ya yi ba sai ya farka. Abin da mutum bai yi da gangan ba, horo ba ya gyara shi. Sai dai ya koya masa ɓoye wando a bayan katifa da ƙin shan ruwa.

Likitoci ba sa ɗaukar abin a matsayin larura sai yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarar, kusan yara 15 cikin 100 suna yi. Kowace shekara, kimanin 15 cikin 100 na masu yin suna dainawa da kansu, har ya zamana ɗaya ko biyu cikin 100 ne suke balaga da shi. Kuma ana gadonsa: idan uwa da uba duk sun yi a ƙuruciyarsu, kusan uku cikin huɗu na 'ya'yansu za su yi.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa. Na farko, jiki yana sakin wani sinadari da daddare wanda yake umartar ƙoda ta rage tace fitsari. A jikin wasu yara sinadarin ba ya isa, sai fitsarin dare ya yi yawa. Na biyu, mafitsarar wasu ba ta riƙe da yawa, ko tana matsewa tun ba ta cika ba. Na uku, ƙwaƙwalwa ba ta tashin yaron idan mafitsara ta cika. Aikin ma'aikacin lafiya shi ne ya gano wanne ya fi ƙarfi a wurin wannan yaron, domin maganin kowanne daban.

Tambayar farko a asibiti ita ce: ya taɓa yin wata 6 a jere bai jiƙa ba? Idan ya taɓa sannan abin ya dawo, sai a nemi sabon dalili. Yawan ƙishirwa da rama suna nuna ciwon sukari, kuma wannan ba ya jiran gobe. Zafin fitsari da zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ce a mafitsara. Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ke wanka a rafi ko madatsar ruwa yakan zama tsargiya. Yara masu sikila suna yawan fitsarin kwance, saboda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata, kuma su bai halatta a hana su ruwa ba. Minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi a barci ma suna jawo shi, haka nan tashin hankali kamar rabuwar iyaye ko cin zali a makaranta. Gwajin fitsari guda ɗaya yana ware da yawa daga cikin waɗannan.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 8 wanda yake jiƙa shimfiɗa dare biyar a mako, kuma gwajin fitsarinsa lafiya lau. Ana ƙiyasta abin da mafitsara za ta riƙe ta hanyar ƙara ɗaya a kan shekarun yaro a ninka da 30. Ke nan nasa mililita 270 ne, ɗan sama da rabin ledar ruwan sha. Sai a nemi uwar ta auna duk fitsarinsa na rana har kwana biyu da kofin awo, ta rubuta. Na dare kuma a sa masa famfas, a auna nauyinsa kafin barci da kuma da safe. Kowane giram da ya ƙaru mililita ɗaya ne, sai a haɗa da fitsarin farko na safiya.

A ce mafi yawan abin da ya yi a lokaci ɗaya da rana 150 ne, na dare kuma 250. Fitsarin daren bai wuce kima ba, domin sai ya haura 350 za a ce ya yi yawa ga sa'ansa. Mafitsarar ce ba ta riƙewa. Da aka tambayi bayan gidansa, sai aka ji yakan yi kwana uku bai je ba, in ya je kuma da tauri da nishi. Nan ne bakin zaren. Hanjin da ya cika yana danne mafitsara daga baya, ya rage mata wuri. Don haka da taurin bayan gida za a fara: maganin sassauta ciki da likita zai rubuta, ganye da 'ya'yan itace, da zama a masai minti biyar bayan cin abinci. Wasu yaran da wannan kaɗai suke warkewa.

Ruwa kuma ba hana shi ake yi ba, lokacinsa ake gyarawa. Ya sha kofi shida zuwa takwas, mafi yawa da safe da rana, ya rage bayan magariba, ya bar shayi da lemon kwalba da yamma. Ya yi fitsari sau huɗu zuwa bakwai a wuni, na ƙarshe dab da kwanciya. Idan banɗaki yana nesa a tsakar gida cikin duhu, a ajiye masa fo da tocila kusa. Ɗaga yaro cikin magagi a kai shi fitsari yana iya tsare katifa a daren, amma ba ya koya wa jikinsa komai.

Wasu iyayen sun bar duka sun koma alkawari: tauraro a takarda ko kuɗin alewa ga duk daren da bai jiƙa ba. Niyyar mai kyau ce, amma ladan an ɗora shi a kan abin da ba ya hannun yaron. Bayan mako guda takardar ba tauraro, sai ta zama allon shaidar gazawarsa a bango, ya karaya ko ya fara ƙarya. In za a yaba masa, a yaba kan abin da zai iya: ya sha ruwansa da rana, ya yi fitsari kafin barci, ya taya cire zanen gado. Kuma abin da aka ba shi, kada a ƙwace don ya jiƙa.

Idan ciki ya daidaita amma fitsarin bai tsaya ba, hanyar da ta fi dacewa da wannan yaron ita ce ƙararrawar fitsari. Ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a wando, tana ƙara da ɗigon farko. A makonnin farko yaron ba zai ji ba, sai babba ya tashe shi sosai, ya je ya ƙarasa a banɗaki. Ana ci gaba kowane dare, wata biyu zuwa uku, har sai ya yi dare 14 a jere a bushe. Kusan biyu cikin uku na yara suna dacewa da ita, kuma amfaninta yakan ɗore.

Da a ce fitsarin darensa ya kai 400 ne, da ƙwayar desmofiresin ta fi dacewa, wadda take yin aikin sinadarin nan da ya gaza. Ana shan ta awa ɗaya kafin barci, tana aiki da wuri, shi ya sa take taimakon mai tafiya makarantar kwana. Sharaɗinta mai tsauri ne: ban da ɗan kurɓi, ba shan ruwa daga awa ɗaya kafin a sha ta har awa 8 bayan haka, in ba haka ba gishirin jini zai faɗi har yaro ya yi jijjiga. Da yawa kuma abin yana dawo musu in an daina. Ita kuwa imifiramin da wasu ke saye a kemis, in ta yi yawa tana iya tsayar da zuciya, kada a ba yaro sai da likita.

Iyaye, ku sa leda a katifa, ku hana 'yan'uwansa tsokanarsa, kuma kada a tayar da zancen a gaban baƙi. In mahaifi ya yi a ƙuruciyarsa, ya keɓe da yaron ya faɗa masa. Yaron da ya wuce shekara 5 yana jiƙa shimfiɗa kuma abin yana damunsa, ku auna fitsarinsa na kwana biyu, ku rubuta, ku kai shi asibiti da takardar.