Kafin Ka Tafi Hutu, Bar Wasiƙar da Za Ta Tsaya Maka

Ma'aikaciya a sashen kuɗi za ta tafi hutun mako biyu, ta rubuta wa abokin aikinta imel: "Don Allah a kula da maganar ɗan kwangila." Wace magana? Kafin Laraba wayarta za ta yi ta ƙara tana gida.

Da cewa ta yi: "Malam, takardar biyan mai kawo mana dizal tana teburin akanta, sa hannunsa kawai ake jira. Ka tuntuɓe shi ranar Talata. In ya sa hannu, ka kai wa kashiya kafin Alhamis. In ya ce lissafi bai daidaita ba, kada ka gyara da kanka, ka kai wa shugaban sashe."

Jimlar ƙarshen nan ce aka fi mantawa, kuma a ganina ta fi kowace nauyi, domin wanda aka bar wa aiki ya fi tsoron yanke hukuncin da ba hurumin sa ba. Kowane aiki a ɗora shi kan mutum ɗaya da sunansa. Imel ɗin da aka aika wa "kowa" ba mai ɗauka.

A tura shi kwana biyu kafin tafiya, don mai tambaya ya same ki a kujerarki.