Bora da Mowa: Wa Ya Ƙulla Gabar da ke Cikin Tatsuniya?

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ake kira Ruwan Bagaja. Wani mutum ne da matansa biyu, kowace da 'yarta. Mowa ita ce 'yar lele, bora kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Wata rana da dare 'yar mowa ta yi fitsarin kwance a kan ƙirgin da suke kwana, da gari ya waye aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ta tafi ta wanko shi a Ruwan Bagaja, kogin da ba wanda ya san inda yake.

Yarinya ta kama hanya. Ta riƙa cin karo da koguna na abinci iri-iri, kowanne yana yi mata tayi, ita kuwa ba ta nuna kwaɗayi ba. A ƙarshe ta isa wata bukka inda ta tarar da cinya da kare. Ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariyar halittarsu ba, ta yi duk aikin da suka sa ta. Da za ta koma aka ba ta ƙwai, ta fasa shi inda aka umarce ta, sai ga dawaki da dukiya da jama'a sun rako ta gida. Mowa ta ga haka, hassada ta ci ta, ta tura tata 'yar. Ita kuwa ta cinye duk abin da aka yi mata tayi, ta yi wa cinya da kare rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi a bayanta.

Abin da aka saba cewa shi ne wannan labari yana koyar da haƙuri da ladabi, kuma gaskiya ne. Amma akwai mutum ɗaya da ba a cika tambayar inda yake ba, wato uban yaran. Shi ne ya fifita mace ɗaya a kan ɗaya tun farko. Yana gida aka yi wa 'yarsa ƙazafi bai bincika ba, yana gani aka kora ta daji bai hana ba. Babu macen da aka haifa bora, miji ne ke mayar da ita haka. Duk da haka, idan labari ya ƙare, mowa da 'yarta ne ke shan hukunci, maigida kuwa ya zauna ya ci arzikin 'yar da ya wofintar.

Haka abin yake a tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa. Uwa ta rasu ko an sake ta, matar uba ta ɗora wa yarinya daka da surfe da ɗiban ruwa, ta hana ta abinci, uba kuma ko ya yi tafiya ko yana nan kamar ba ya nan. Irin waɗannan labarai sun daɗe a bakin mutane, kuma tun daga 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa a littafi. A al'ada kuwa mata ne ke ba da tatsuniya da dare a tsakar gida, wani lokaci kishiyoyin suna zaune wuri ɗaya. Macen da ba ta da bakin ƙalubalantar miji a fili tana iya faɗin abin da ke ranta ta bakin tatsuniya, kuma ya fi mata sauƙi ta zargi abokiyar zamanta a kan ta zargi mai ciyar da gidan.

Wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin da finafinan Kannywood sun gaji wannan tsari kusan yadda yake. An cire cinya da kare, an sa boka a madadinsu. Kishiya za ta je ta karɓo garin magani ta barbaɗa a tuwo, ko ta nemi a yi wa ɗan kishiya kurciya ya bar gari. A ƙarshe asiri ya tonu, ta haukace ko a sake ta. Idan aka tambayi abin da ya hana maigida magana, sai a ce an mallake shi ne. Wannan amsa tana wanke shi tas, domin wanda aka yi wa sammu ba a tuhumarsa. Shi ya sa littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fita daban. A cikinsa Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta, kuma marubuciyar ba ta bar shi ya ɓuya a bayan amarya ba, shi ma alhaki ya bi shi.

To me ke haifar da wannan gaba a zahiri? Na farko shi ne rabo na yau da kullum. Gidan mace fiye da ɗaya yana tafiya ne bisa rabon kwana da girki, galibi kwana bibbiyu, da kuɗin cefane da tufafin sallah da kuɗin makarantar yara. Musulunci ya gindaya adalci a matsayin sharaɗin ƙara aure. Da zarar miji ya sa ranar girkin wata ta fi ta wata nama, ya shuka abin da yara za su girba. Kayan faɗar kishiya da ake yi wa uwargida ba sa gyara wannan, domin kyauta ce ta rana ɗaya.

Na biyu shi ne gado. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, matansa duka tumuni ɗaya suke rabawa, wato kashi ɗaya cikin takwas. A ce bayan biyan bashi da wasiyya ya bar Naira miliyan 8 da mata biyu. Tumunin miliyan 1 ne, kowace ta sami dubu 500. Idan iyayensa ba sa raye, sauran miliyan 7 na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Ke nan macen da ba a bar ta ta yi karatu ko sana'a ba, makomarta tana rataye ne da yawan 'ya'yanta, musamman maza. Daga nan ne ake samun gasar haihuwa da kallon ɗan kishiya a matsayin mai rage rabo.

Na uku shi ne riƙon yara bayan saki. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗanta har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin miji, kuma idan uwar ta sake aure haƙƙin yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa. Amma a gidaje da yawa uba ne ke ƙwace yara, sannan ya danƙa su ga matar da ba a shawarce ta ba, ba a kuma ƙara mata ko kwabo ba.

Wannan bai wanke matar uban da ta azabtar da yaro ba, zaluncinta yana wuyanta. Amma hoton da ake ta maimaitawa yana cutar da mata masu yawa da suka shayar da 'ya'yan kishiya, suka aurar da su, har baƙo ba ya iya bambance 'yan ɗaki. Irin wannan mace idan ta tsawata wa yaro sai a ce mugunta ce, idan ta ƙyale shi a ce don ba ita ta haife shi ba. Yarinyar da ta tashi da jin cewa kishi kumallon mata ne, ta shiga gidan miji da shirin yaƙi tun kafin a yi mata laifi.

Kira a nan ga marubuta da masu shirya fim shi ne su daina fitar da maigida daga cikin labari. A nuna shi yana rabon kwana da cefane, a nuna abin da ke biyo baya idan ya karkata, a kuma nuna matar uba ta ƙwarai, domin akwai ta. Magidanta kuma su sani cewa yaron da uwarsa ba ta gidan amana ce a wuyan ubansa kafin kowa, kuma shi za a fara tambaya a kansa.