Aikin Horo a Bankuna da Manyan Kamfanoni: Ƙofar da Shekaru Ke Rufewa

Duk shekara, manyan bankuna da kamfanoni a Najeriya suna ɗaukar matasan da suka gama jami'a, waɗanda ba su taɓa aiki ba, su horar da su na wasu watanni, sannan su raba su sassa a matsayin cikakkun ma'aikata. A tallan aiki za ka ga an rubuta Graduate Trainee ko Entry Level. Bankin Access yana da makarantarsa ta horar da sababbin ma'aikata a Legas, UBA yana da shirin da ya kira GMAP, kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC da Deloitte da EY suna da nasu, haka ma rukunin kamfanonin Ɗangote. Ga ɗan talakan da ba shi da kowa a sama, wannan na cikin 'yan hanyoyin da jarrabawa ke magana kafin sanayya.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana neman digiri mai daraja ta biyu babba, wato 2:1, wanda a ma'aunin maki 5 yake farawa daga 3.50, ko da yake wasu bankuna suna karɓar 2:2. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, da takardar kammala bautar ƙasa. Sai sharaɗin da ya fi kayar da 'ya'yanmu: shekaru. Yawanci ana cewa kada mai nema ya wuce 26 ko 27.

A ɗauki misalin yarinyar da aka haifa a watan Maris na 2000, ta shiga jami'ar gwamnati a 2019 don karatun shekara huɗu. A lissafi, 2023 ta gama. Amma a 2020 annobar korona da yajin aikin ASUU sun cinye kusan shekarar baki ɗaya, a 2022 kuma malaman suka sake tafiya yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba ta fita ba sai ƙarshen 2024. Ta jira jami'a ta aika sunanta, ta tafi bautar ƙasa a tsakiyar 2025, ta karɓi takardarta a tsakiyar 2026 tana da shekara 26. Idan bankin da take so ya tsaya a kan 26, abin da ya rage mata wata takwas ne ko tara kafin Maris na 2027. Ba ta faɗi kwas ko ɗaya ba, amma lokacinta ya kusa ƙarewa tun ba ta fara nema ba. Wannan sharaɗi, a ganina, zalunci ne ga ɗaliban jami'o'in gwamnati, domin takwarorinsu na jami'o'i masu zaman kansu ba su san yajin aiki ba. Sai dai yana nan, kuma da shi za a yi lissafi.

To yaushe ake buɗe ƙofar? Babu rana guda da kowa ya yarda da ita. Kamfanonin binciken kuɗi sun fi tsari, galibi sau ɗaya suke ɗauka a shekara, rukuni guda. Bankuna kuwa buƙata ce ke motsa su, wani ya ɗauki rukuni biyu ko uku a shekara, wani ya yi shiru. Wasu ma'aikatun sai an daɗe: NNPC ya yi tallan irin wannan ɗauka a 2019, bai sake ba sai 2024. Tallan kansa ba ya daɗewa, sau da yawa mako biyu ko uku ne a rufe shafin. Daga cike fom zuwa takardar kama aiki kuma ana iya shafe wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye.

Saboda haka yarinyar nan ba ta da damar cewa bari ta huta bayan bautar ƙasa. Tun tana wata na shida a hidimar ya kamata ta fara atisayen jarrabawar gwajin basira, domin a nan ake zubar da mafi yawan masu nema. Jarrabawa ce ta kwamfuta, wadda kamfanoni irin su Dragnet kan shirya wa masu ɗaukar aiki: lissafin kaso da jadawali, fahimtar rubutun Turanci, da gane tsarin zane-zane. Tambayoyin ba su fi ƙarfin mai digiri ba, lokacin ne ƙanƙani, kusan minti ɗaya ga kowace tambaya. Wanda bai saba amsawa da agogo a gabansa ba, ko da shi ne gwarzon ajinsu, zai bar rabin takarda. Bayan wannan akwai tattaunawar rukuni, inda ake ba mutum shida ko takwas matsala a ga yadda kowa ke magana da sauraro, sai ganawa da manyan ma'aikata, sai gwajin lafiya da tantance takardu. A tantancewar ne ake kama wanda ranar haihuwarsa ta WAEC ta saɓa da ta NIN. A gyara wannan tun da wuri.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa shiga makarantar horo shi ne samun aiki. Ba haka ba ne. A bankuna horon kan ɗauki wata uku zuwa shida, ana biyan alawus, ana kuma yin jarrabawa a kai a kai kan lissafin kuɗi, bayar da bashi, da dokokin banki. Wanda ya kasa kai makin da aka yanka, gida zai koma.

Wanda ya tsallake yakan fara daga matakin farko na cikakkun ma'aikata, da albashi, da inshorar lafiya, da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8. Nan ne bambancinsa da ma'aikacin kwantiragi yake. Da yawa daga cikin masu karɓar kuɗi a kanta da masu yawon buɗe asusu ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauke su ya kawo, albashinsu ƙarami, ƙarin girma kuma da wuya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aiki. Idan ba na bankin ba ne, ba bankin ne ya ɗauke ka ba.

Akwai abubuwa biyu da ba a faɗa a talla. Na farko, banki ne ke zaɓar maka sashe da gari, kuma da yawa sashen neman kwastomomi ake tura su, inda ake ɗora wa mutum adadin kuɗin ajiya da zai kawo, a auna shi da shi. Na biyu, wasu wuraren suna sa ka rattaba hannu cewa za ka zauna shekara biyu ko makamancin haka, in ka tafi kafin nan ka biya kuɗin horo. A kamfanonin binciken kuɗi ribar ta fi fitowa ta wajen takarda: sukan taimaka wa ma'aikaci ya rubuta jarrabawar ICAN ko ACCA, shaidar da zai tafi da ita duk inda ya koma. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin bankin da ke mu'amala da kuɗin ruwa ba, akwai Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna ɗaukar sababbin ma'aikata.

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙanwa da ke bautar ƙasa yanzu, ku zauna ku lissafa watannin da suka rage kafin cikar shekara 27. A riƙa duba shafin ɗaukar ma'aikata na kowane kamfani kai tsaye duk mako, kuma duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na "gurbi", ɗan damfara ne, domin waɗannan kamfanoni ba sa karɓar ko kwabo daga mai neman aiki.