Idan Abincin Biki Ya Gaza: Wasiƙar Neman a Maido da Wani Ɓangare na Kuɗi

Wasiƙar da mai biki ke aika wa mai kwangilar abinci, bayan an kawo ƙasa da abin da aka yi yarjejeniya a kai, takarda ce ta lissafi. Tunda an kawo wani abu kuma baƙi sun ci, ba a neman kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin abin da bai iso ba kaɗai ake nema.

Kafin a rubuta, sai an tabbatar gazawar daga mai abincin take. Ƙarewar abinci da wuri ba hujja ba ce, domin 'yan gayyar soɗi kan cinye rabon waɗanda aka gayyata. Hujja ita ce ƙirgen da aka yi lokacin sauke kaya, a gaban wakilan ɓangarorin biyu, tare da hotuna, rasit, da saƙonnin waya da aka tsayar da ciniki a cikinsu.

A ɗauka an yi cinikin faranti 300 na shinkafa da kaza don walima, kowanne Naira 3,000, aka biya Naira 900,000 cif. Da aka ƙirga, 180 suka iso. Giɓin faranti 120 ke nan, kuɗinsu Naira 360,000, kuma shi ne adadin da za a nema. In an ware kuɗin mota da na masu rabo daban, ba a taɓa su, domin an yi wannan aikin. In kuwa akwai cikon da ba a biya ba, sai a cire shi daga abin da ake bi.

Wasiƙar kan buɗe da sallama da girmamawa, kamar "Hajiya" ko "Alhaji". Sai ta kawo ranar biki da wurinsa, abin da aka yi alkawari, abin da ya iso, da wanda ya ƙirga. Daga nan ta nuna lissafin, ta ba da lambar asusun banki da wa'adi, misali kwana 14. Yana da kyau a ba mai abincin damar kawo nata ƙirgen, a kuma yarda ta biya kashi biyu in hannunta bai kai ba. Zagi da barazanar tona asiri na rufe ƙofar sulhu, kuma kunyar da aka sha a gaban surukai ba ta shiga lissafi.

A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta tanadi cewa wanda aikinsa ya gaza ya gyara, ko ya maido da wani kaso mai ma'ana na kuɗin. In wa'adi ya wuce shiru, ana iya sa dattijon da ɓangarorin biyu ke ganin girmansa ya shiga tsakani, ko a kai ƙorafi hukumar FCCPC ko kotu. A can za a nemi kwafin wasiƙar da shaidar cewa ta isa hannun mai abincin, don haka a adana su.